Inshorar Ƙaramin Shago: Gobara, Sata da Ambaliya

Inshorar shago yarjejeniya ce tsakanin mai shago da kamfani. Mai shago yana biyan wani kuɗi sau ɗaya a shekara, kamfanin kuma ya ɗauki alkawarin mayar masa da ƙimar abin da ya rasa idan asarar ta auku ta ɗaya daga cikin hanyoyin da aka ambata a takarda. Kamfani ba ya biyan kowace irin asara, sai wadda aka rubuta sunanta, kuma ba ya biyan fiye da abin da aka iya tabbatar da cewa yana cikin shagon a ranar. Akasarin rigimar da ke tashi bayan gobara tana samo asali ne daga waɗannan abubuwa biyu, domin ɗan kasuwa yakan ɗauka cewa ya yi wa shago inshora baki ɗaya, alhali abin da ya saya ya fi haka ƙunci.

A Najeriya hukumar NAICOM ce ke ba kamfanonin inshora da dillalansu lasisi, kuma ita ke karɓar ƙorafi a kansu. Matakin farko shi ne a tabbatar cewa kamfanin da dillalin suna cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Ƙa'idar da ake bi ita ce babu kariya sai an biya kuɗi, saboda haka alkawarin baki da wakilin kamfani, ko takardar farashi da ya bayar, ba su kare komai ba. A biya ta asusun kamfanin ko na dillali mai lasisi, a karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya. Biya cikin asusun wani mutum shi kaɗai hanya ce da aka sha yaudarar mutane da ita.

'Yan kasuwa da yawa a Arewa suna ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Don haka ne aka samar da takaful, wanda NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suke gudanarwa. A tsarin takaful mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani yana kula da asusun a matsayin wakili yana ɗaukar ladansa, ana biyan wanda ya yi asara daga ciki, idan kuma an sami rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa mahalarta bisa ƙa'idar kamfanin. Bambancin yana wajen mallakar asusun da inda ake juya kuɗinsa. Amma sharuɗɗan biyan asara, wato abin da aka rufe, abin da aka cire, da hujjar da ake nema, kusan iri ɗaya ne, don haka duk bayanin da ke tafe ya shafi tsarin biyu.

Me ake yi wa inshora

Shago abu uku ne a idon kamfani: gini, kayan aiki, da haja. Mutum yana yi wa abu inshora ne idan shi zai yi asara in ya lalace. Wanda yake haya ba shi da hurumin karɓar kuɗin ginin da ba nasa ba, sai dai gyaran da ya yi da kuɗinsa, kamar silin, tayil, ƙofar ƙarfe da kantocin jera kaya. Kuma inshorar da mai gini ya yi ba ta shafi hajar ɗan haya ba. Kayan aiki su ne firiza, firji, janareta, batir da faranten sola, sikeli, na'urar POS da makamantansu. Haja kuwa ita ce kayan sayarwa.

Akwai wani nau'in kaya da ake yawan mantawa da shi a kasuwanninmu, wato kayan da ba na mai shago ba ne amma suna hannunsa: ajiyar maƙwabci, kayan da uban gida ya bayar a sayar a kawo kuɗi, ko wayoyin mutane a shagon gyara. Idan ba a ambace su a takarda a matsayin kayan amana ba, kamfani ba zai lissafa su ba, sai mai shago ya kwana da bashin masu su. Haka nan wurin ajiya: yarjejeniya tana rufe adireshin da aka rubuta ne kawai. Mai shago a Kantin Kwari da yake da sito a wani layi dole ya sa a rubuta wuraren biyu, kowanne da adadin kayan da ke cikinsa.

Ƙimar haja da sharaɗin rabo

Nan ne mafi yawan 'yan kasuwa suke faɗuwa. Ana ƙiyasta haja da kuɗin sari, ba da kuɗin sayarwa ba, domin inshora tana mayar da mutum inda yake kafin asara, ba ta biyan ribar da bai riga ya ci ba. Kayan aiki kuma ana biyansu da ƙimarsu ta ranar asara bayan an cire tsufa, sai fa idan an yi yarjejeniya ta musamman cewa za a maye su da sababbi.

Kuɗin da ake biya kamfani wani ɗan kaso ne na jimlar ƙimar da mai shago ya bayyana, saboda haka akwai sha'awar a rage ƙimar don a rage biya. Tunanin shi ne, da wuya wuta ta cinye komai, to me zai sa a biya na komai? Kamfanoni sun daɗe da toshe wannan ƙofa da wani sharaɗi da ke cikin kusan kowace yarjejeniyar gobara: idan ƙimar da aka bayyana ta gaza ainihin ƙimar kaya a ranar asara, ana ɗaukar mai shago a matsayin wanda ya riƙe sauran kason da kansa, sai a raba asarar daidai gwargwado.

A ɗauki misalin shagon kayan masarufi mai hajar naira miliyan 6 a kuɗin sari, amma mai shi ya rubuta miliyan 4. Wuta ta tashi da dare daga bayan firiza, aka kashe ta bayan ta lalata kayan miliyan 3. Mai shago zai yi zaton tunda asararsa ba ta kai miliyan 4 ba za a biya shi duka. Mai tantance asara kuwa zai ƙidaya abin da ya ƙone da abin da ya tsira, ya ga jimla miliyan 6, ya yanke cewa kashi biyu cikin uku ne kawai aka yi wa inshora. Sai a biya kashi biyu cikin uku na miliyan 3, wato miliyan 2. Bayan haka akwai wani kaso da yarjejeniya ke ɗora wa mai shago a kowace asara. Idan a wannan takarda an rubuta kashi 10 cikin ɗari, za a sake cire naira 200,000, ya rage 1,800,000. Da a ce ya rubuta miliyan 6 tun farko, da ya karɓi 2,700,000. Idan aka ƙaddara, don misali kawai, cewa farashin kamfanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne a shekara, abin da ya yi tsiminsa ta hanyar ɓoye miliyan 2 naira 10,000 ne, abin da ya rasa kuma 900,000.

Ba sai da niyya ake faɗawa wannan rami ba. Tashin farashi kaɗai ya isa: shagon da aka ƙiyasta daidai a watan Janairu yana iya zama ƙasa da ƙima kafin ƙarshen shekara ba tare da an ƙara ko katan ɗaya ba. Sannan haja tana hawa da sauka. Mai atamfa da shadda yakan cika shago kafin azumi, mai hatsi yakan cika sito bayan kaka. Adadin da ya kamata a rubuta shi ne mafi yawan abin da shago ke ɗauka a shekara, ba matsakaicinsa ba. Wanda hajarsa ke ninkawa a wani lokaci yana iya sanar da kamfani a rubuce kafin kayan su iso, a ƙara ƙimar na watannin, ya biya ɗan bambanci. Rubuta fiye da ƙima kuma ɓarnar kuɗi ce, domin ba za a biya sama da ainihin asara ba.

Gobara

Yarjejeniyar gobara ta asali tana rufe wuta, tsawa, da wasu nau'o'in fashewa kaɗan. Ɓarnar hayaƙi da ta ruwan da 'yan kwana-kwana suka zuba tana ciki, tunda wutar ce ta jawo su. Akwai abubuwa biyu da aka saba cirewa waɗanda ke ba mutane mamaki. Na farko, na'urar da wutar lantarki ta ƙona da kanta: idan injin firiza ya kama ya bazu zuwa kantoci, ana biyan kantocin da kayansu, amma firizar da ta haddasa abin galibi ba ta ciki. Na biyu, kayan da aka wawashe lokacin gobara ko bayanta, abin da ke faruwa a kusan kowace gobarar kasuwa, yawanci ba ya cikin yarjejeniyar gobara.

Kamfani yana tambayar da me aka gina shago, me ake sayarwa, da me maƙwabta ke yi. Amsar gaskiya wajibi ce, domin ɓoye abin da zai sauya ra'ayin kamfani yana ba shi damar soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Wanda ya rubuta kayan masarufi sannan ya fara ajiye jarkokin fetur ko tukwanen gas don sayarwa ba tare da ya sanar ba ya karya kariyarsa da hannunsa. Shagon katako da kwano a tsakiyar cunkoson kasuwa kuwa wasu kamfanonin ba sa karɓarsa, wasu suna tsawwala farashi, kuma suna da hujja: gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta Kasuwar Monday ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023 duk da dare suka tashi, suka bi shago bayan shago.

Shirin hana gobara a ƙaramin shago kusan duk a kan lantarki yake. Wutar da aka ɗauke da rana takan dawo da dare ta tarar da kayan da aka bari a kunne, don haka a sa babban makunni kusa da ƙofa wanda ake kashewa kullum kafin a kulle. Idan dole firiza ta kwana a kunne, a ba ta layinta daban da nata abin yanke wuta. Soket yana buƙatar wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 2.5, kuma siririyar wayar fitila da aka ɗora wa firiza ko hita tana zafi a hankali har robarta ta narke. Alamun suna bayyana tun da wuri: soket mai ɗumi ko wanda ya yi baƙi, warin roba, fitila mai rawa idan firiza ta tashi. Fiyus ɗin da aka ɗaure da waya mai kauri don ya daina yankewa ya daina aikinsa ke nan. Batirin sola yana son iska da nisa daga katan. Janareta a waje yake zama, kuma ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Tukunyar kashe gobara mai hoda, ta kilo 6 ko 9, ta dace da yawancin shaguna domin tana kashe wutar katan, ta mai da ta lantarki. A rataye ta bakin ƙofa, ba can ƙurya bayan buhuna ba, a riƙa duba allurarta tana kan kore, kuma yaron shago ya san yadda ake zare fil a nufi gindin wuta. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki. Idan yarjejeniya ta sharɗanta ajiye tukunyar da yi mata sabis, a adana rasit ɗin sabis ɗin, domin za a nema.

Ambaliya

Ambaliya ba ta cikin yarjejeniyar gobara ta asali. Ana ƙara ta ne tare da wasu haɗurra, irin su guguwa, fashewar bututun ruwa, karon mota da tarzoma, a kan ƙarin kuɗi. Kada a ɗauka cewa tana ciki sai an ga sunanta a rubuce. Kamfani zai tambayi ko ruwa ya taɓa shiga wurin, kuma inda amsar ta zama e, yana iya ƙara kason mai shago ko ya ƙi. Ruwan da ya zubo ta rufin da ya daɗe yana yoyo, ko danshin da ya taso ta ƙasa a hankali, ana ɗaukarsu rashin gyara ne, ba a biya.

Sharaɗin da ya fi kayar da masu neman biya shi ne na ɗaga kaya. Yarjejeniyoyi da yawa suna cewa haja ta kasance a kan katako ko kanta, aƙalla kamar santimita 15 daga ƙasa. Dilar atamfa ko buhun sukarin da aka tarar a daɓe kai tsaye yana iya fita daga lissafi. Wannan tsayi kuwa mafi ƙaranci ne. Mai shago ya nemi alamar da ruwa ya bari a bango a shekarun baya, ya tambayi waɗanda suka riga shi zama a layin, ya ɗaga kayansa sama da ita, mafi tsada da mafi saurin lalacewa a kantar sama. Dakalin siminti a bakin ƙofa da yashe kwata kafin watan Yuli suna maganin irin ambaliyar da ta shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022, wadda ruwan sama da toshewar magudanai suka haifar. Irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau kuwa ba dakalin da zai tare ta. Abin da ke rage asara a irin wannan hali shi ne raba haja wuri biyu, da rage sari a watannin Agusta da Satumba idan shago yana kwari.

Sata

Inshorar sata yarjejeniya ce daban, kuma ma'anarta ƙunƙuntacciya ce: fasa shago, wato shiga ko fita da ƙarfi da ya bar alama, kamar karyayyen kwado, ɓalle ƙofa, huda bango ko yaye rufi. Kayan da mai saye ya zare da rana, kayan da suka ɓace ba a san yadda aka yi ba sai a wajen lissafi, da shagon da aka buɗe da mabuɗinsa, duk ba sa ciki. Satar yaron shago tana da tata yarjejeniya ta amanar ma'aikata. Tsabar kuɗi ma haka, a aljihun tebur ko a hanyar banki, inshorarsu daban ce, abin da ya shafi masu POS kai tsaye. Fashi da makami da rana sai an tambaya ko an haɗa shi.

Tunda ɓarawo ba ya iya kwashe shagon buhunan shinkafa a dare ɗaya, ana iya yin yarjejeniya a kan iyakar abin da ake ganin zai iya ɗauka, a bayyana cikakkiyar ƙimar haja amma a rufe wani ɓangare, farashi ya sauko. Wannan bai dace da mai wayoyi ko turare ba, wanda jarinsa duka ke shiga jaka biyu. Duk tsaron da aka bayyana a fom, ko maigadi ne ko ƙarfen taga, ya zama alkawari. Idan aka rubuta akwai maigadi sannan aka sallame shi ba a sanar ba, kamfani yana da abin kamawa. Rufe shago na tsawon makonni, kamar lokacin aikin Hajji, shi ma yana buƙatar sanarwa, domin yarjejeniyoyi da yawa suna dakatar da kariya idan wuri ya daɗe babu kowa. A lura da rufi musamman: ƙofar ƙarfe mai kwado uku ba ta da amfani idan kwano da silin ne kawai tsakanin shago da sama.

Hujja da neman biya

Wuta tana cinye littafin shago tare da haja, kuma shi ne hujjar. Mai tantance asara yana gina lissafinsa ne daga ƙidayar kaya ta ƙarshe, ya ƙara sarin da aka yi bayanta, ya cire abin da aka sayar. Saboda haka a riƙa ƙidayar haja aƙalla sau ɗaya a wata, a ɗauki hoton shafin da na kantoci, a ɗauki hoton kowane rasit na sari ranar da aka karɓe shi, a tura wa wata waya ko imel da ba ya kwana a shago. Biyan dila ta banki yana barin shaida da ba ta ƙonewa. Littafin masu bashi ma a yi masa kwafi, domin kamfani ba zai biya bashin da aka manta masu shi ba. Takardar yarjejeniyar kanta a gida take zama.

Idan abin ya faru, a sanar da kamfani ko dillali nan take, a bi da rubutu, domin kowace yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa da na miƙa cikakken bayani. A kai rahoton sata ga 'yan sanda a karɓi takarda, a nemi rahoton hukumar kashe gobara idan wuta ce. A ɗauki hotuna kafin a taɓa komai. Wajibi ne mai shago ya tsare abin da ya tsira, ya fitar da jiƙaƙƙen kaya ya shanya, ya toshe ƙofar da aka fasa, amma kada ya zubar da ƙonannen kaya ko karyayyen kwado, kada kuma ya sayar da abin da ya lalace a araha, sai mai tantancewa ya gani. Kumbura lissafi kuskure ne mai tsada, domin ƙarya a ɓangare ɗaya tana iya soke haƙƙin duka.

Bayan tantancewa kamfani yana kawo tayi tare da takardar sallama. Sa hannu a kanta yana nufin an amince da adadin a matsayin biya na ƙarshe, don haka a nemi a ga yadda aka yi lissafin: ƙimar da aka ɗauka, abin da aka cire na tsufa, na rabo, na kason mai shago, da na kayan da suka tsira. Wanda bai gamsu ba ya rubuta wa kamfanin dalilansa da hujjojinsa, idan ba a daidaita ba ya kai ƙorafi ga NAICOM. Bayan an biya, ƙimar da ke kan takarda tana raguwa da adadin da aka biya har ƙarshen shekarar yarjejeniya, saboda haka wanda ya sake cika shago sai ya nemi a mayar da ita yadda take, ya biya kuɗin watannin da suka rage.